Ajin da Aka Haska a Majigi

Malamar aji biyu ta halarci taron bita har ta gaji. Kullum labarin ɗaya ne: babban zaure mai sanyi, majigi, manyan mutane su zama yara na wasa, komai ya tafi sumul, a raba takardar shaida, a watse. Ran Litinin sai ta gwada karatun bibbiyu da yaranta na gaske, aji ya kaure kamar kasuwa, wani ya ciji wani. Babu wanda za ta tambaya ina ta kuskure, don mai bitar ya daɗe da kama gabansa. Kafin Laraba ta koma gidan jiya: ta karanta, yara su amsa da ƙarfi.

Sai hukumar ilimi ta turo mai horarwa, wata doguwar mata da ke zuwa duk mako ta zauna a bencin baya, gwiwoyinta na tokare da tebur. Malamai suka sa mata suna Anti Ɗaya-ɗaya, don ba ta taɓa ba mutum gyara biyu a rana. Da ta nemi ɗaukar bidiyon darasi a waya, Malama ta ce a'a, ita ba ta shirya zama abin dariya ba.

"Malama, ni ba sufeto ba ce," in ji Anti. "Abin da na gani a ajin nan, tsakanina da ke ne. Ko Hedimasta ba zai gani ba."

Sai Malama ta yarda, aka ɗauka. Suka kalla tare bayan an tashi. Malama ta ga kanta tana daka tsawa, ta ga benci uku na baya suna motsa baki kawai, babu mai kallon allo. Shekara da shekaru ta ɗauka karatu suke yi. Ta yi kuka a gaban Anti, abin da ko mijinta bai cika gani ba.

Anti ba ta yi wa'azi ba. Ta ce gyaran makon nan guda ne: ki faɗi sauti, kowa ya rubuta harafin a ƙaramin allonsa, ya ɗaga. Ta karɓi alli ta nuna, ta sa Malama ta maimaita a ajin da babu kowa, mako na gaba ta dawo ta duba. Ya ƙi, suka gyara yadda ake raba allunan. Ya fara yi. Daga baya aka zo kan yin tambaya, a dakata, sannan a kira suna. Kafin zango na biyu ya ƙare, 'yan bencin baya na haɗa baƙi da wasali da kansu.

Ana cikin haka hukuma ta soke ziyarar aji, wai tana cin lokaci a kan malamai 'yan kaɗan, alhali zaure ɗaya zai ɗauki gunduma guda. Aka ƙara wa Anti girma, aka ba ta jagorancin bita. Malama ta tafi bitar da murnarta, har ta kama kujerar gaba.

Aka kashe fitila. Sai ga ajinta a bango, ga ta nan baki buɗe, tana ihu, a sama an rubuta "Kafin horo". Zaure ya ɗauki dariya. Wani a baya ya kwaikwayi muryarta. Da aka haska na "Bayan horo" aka tafa, amma Malama ba ta ji ba, kunnuwanta sun toshe.

A bakin ƙofa Malama ta tare Anti.

"Anti, kin ce tsakanina da ke ne."

"Haba Malama, ai yabonki na yi. Shugabanni sun ce sai sun ga hujja, na ce ko za su dawo da ziyarar. Naki ne ya fi fitowa."

"Sun dawo da ita?"

Anti ta gyara jakarta, ta ce ana dubawa.

"Da kin tambaye ni, wallahi ƙila na yarda. Ba ki tambaya ba."

Baƙin cikin ya fi kunyar ciwo, don har yanzu ta san matar nan ce ta koya mata aikinta.

Ran Litinin, hayaniya ta ɓarke a aji ɗaya. Sabuwar malamar ajin ta gwada abin da ta gani a majigi, yara suka yi ta jifan juna da alluna. Lokacin hutun tara ta leƙo ajin Malama, idonta ya yi ja.

"Yaya, don Allah ki bar ni in zauna a bayan ajinki gobe, in ga yadda kike yi. Ko ke ki shigo nawa."

Malama ta san ainihin inda yarinyar ta kuskure, gyaran ma ba wuya. Ta kalli wayar da ke hannun yarinyar.

"Ki yi haƙuri, ƙanwata," ta ce. "Ba na son kowa a ajina."