Haruffan Furar Saminu

Duk Gwale an san Saminu da wuƙa kafin a san shi da ludayi. Da ya tuba ya bar daba, sai ya kama damun fura, amma babu uwar da ke aiko ɗanta wurinsa. Abin na ci masa rai ƙwarai. Shi ya sa ya je shagon Muhsina mai zanen tambari a kwamfuta.

Ta rubuta masa “Furar Saminu” iri biyu. Na farko haruffa ne masu tsini, a karkace. Na biyu masu kauri ne, baƙaƙensu a dunƙule kamar curin fura.

Idonsa ya tafi kan masu tsinin, don da irinsu yaran Sabo, tsohon ubangidansa na Ƙofar Dawanau, ke rubuta sunan ƙungiya a bango.

“Malam Saminu, harafi yana magana kafin a karanta shi,” in ji Muhsina. “Wannan cewa yake a matsa. Wancan cewa yake a zo a sha. Kuma in aka ƙanƙanta shi a murfin roba, tsinin nan cuɗewa zai yi.”

Bai kai ga amsawa ba Sabo ya banko ƙofa, gora a hannu. Mutumin da ko sallama bai iya ba, wai shi ma ya zo zaɓen rubutu.

“Sa masa namu,” ya ce wa Muhsina. “Kowa ya gani ya san shagon furarsa a hannuna yake.”

“Na bari, Sabo,” in ji Saminu.

Gorar ta sauka a kafaɗarsa. Ta biyu ta fasa masa leɓe, ya tofar da haƙori a kan siminti. Muhsina ta ƙwalla ihu, Sabo ya ture ta, ya maka wa kwamfutar gora, gilashin ya tsage. Hannun Saminu ya kai ƙugu da kansa, inda wuƙa ta saba zama. Babu ita. Ga almakashi kuwa a kan tebur, dab da yatsunsa, kuma wallahi ya san inda zai soka. Ya dunƙule hannun ya danna shi a aljihu. Sabo ya yi ta jibgarsa har maƙwabta suka cika shagon, suka ja shi waje yana zage-zage.

Muhsina na kuka tana danna masa ɗankwalinta a goshi. “Mu tafi asibiti, tambarin ya jira.”

Saminu ya dafa tebur ya miƙe da ƙyar. Rabin kwamfutar na ci gaba da haske. Ya ɗora yatsa a kan haruffan nan masu kama da curin fura, jini ya shafi gilashin.

“Waɗannan, Malama,” ya ce. “Ki ƙara wa allon shagona girma, yadda ko daga Ƙofar Dawanau aka taho za a karanta.”