Shafi na Shida

Shafuka biyar Raudatu ta zaɓa, mijinta ne ya ƙara na shida.

"Ki sa har da na Yaya Zubair," in ji Kamaruddeen, yana saka takalmi a bakin ƙofa. "Baba ya ce duk mai sayar da iri da taki daga nan har Shanono, a duba shi."

Baban nan kuwa Alhaji Muntaka ne, surukinta, mai babban shagon kayan noma a Bici. Tun da aka kawo ta gidan aka ji ta yi karatun kasuwanci, sai aka damƙa mata shafin shagon na Facebook, kamar yadda ake damƙa wa amarya tukunya. Bana ciniki ya ja baya, damina ga ta nan tafe, shi ne Alhaji ya ce a binciko masa abin da abokan hamayya ke yi a waya wanda shi ba ya yi. Zubair kuma wanta ne uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinsu, da ɗan shagonsa na Tsanyawa wanda mutum biyu ba sa iya gilmawa a cikinsa.

Ba ta damu ba da farko. Wa zai kula da shafin Yaya? Mabiyansa ba su kai na wani mai sayar da taki a bakin titi kashi ɗaya cikin goma ba.

Ta zauna a inuwar ɗaki da waya da tsohuwar kwamfutar shago, ta ɗauki watanni uku na baya ga kowa, don kada a auna wani da rani wani da kaka. Kowane shafi ta duba sau nawa yake wallafawa a mako, da wane lokaci, hoto ne ko bidiyo ko rubutu. Ba ta da hanyar sanin mutum nawa suka ga abin da wani ya wallafa, wannan mai shafi kaɗai ke gani. Don haka ta tsaya kan abin da ke fili: masu danna alamar so, masu sharhi, masu turawa gaba. Ta haɗa su, ta raba da yawan mabiya.

Sharhin ne ya fi ba ta wahala. Mutanenmu ba sa wuce hoton ɗan'uwa ba su ce "Allah ya sa albarka" ba, ko da hoton buhu ne a jingine. Wani shafin sai ka ga sharhi tuli, ka buɗe ka tarar duk ƙannen matar mai shago ne ke ta Masha Allah. Ta ware addu'a gefe, ta ƙirga masu tambayar farashi da irin da ya dace da jigawa. Mai bakin titin nan da mabiyansa dubbai, sai ga shi kamar kasuwar da ta watse, ko tari ba a yi a ƙarƙashin hotunansa.

Da ta gama rabawa, shafin Zubair ne a sama, kuma ba da ɗan tazara ba.

Ta sake lissafin, ko ta yi kuskure. Ba ta yi ba. Yaya ba ya ɗora hoton buhu. Da sassafe, kafin manoma su fita gona, zai tsuguna a kunya ya ɗebo ƙasa a tafin hannu, ya yi magana minti ɗaya da Hausar da ake yi a gindin bishiya. Mutane su yi ta tambaya, shi kuma yana amsawa ɗaya bayan ɗaya. Tambaya guda ce kawai take dawowa, daga ƙauyukan da ke zagaye da shi: "Malam Zubair, ba a kawowa har gida?" "Mudu biyu nake so na irin wake, kuɗin mota ya fi kuɗin irin." Amsarsa kullum ɗaya, sai dai a yi haƙuri a shigo ranar kasuwa. Sauran shafukan ma babu mai kaiwa, babu mai sayar da ƙaramin awo ta waya.

Alhaji Muntaka yana da a-kori-kura guda biyu, ɗaya ma yini take a gindin darbejiya.

Raudatu ta ture kwamfutar gefe. Da ta bar shafukan a jere bisa yawan mabiya, da Yaya na can ƙasa babu mai waiwayarsa. Ita ce da iyawarta ta ɗago shi ta ajiye a gaban idon surukinta. Ta yi tunanin goge layin Yaya daga lissafin. To amma Kamaruddeen ya san shida ne, kuma sharhin nan a fili yake, duk mai waya zai iya karantawa. In aka gano ta rufe, ba za a ce ta yi kuskure ba, za a ce tana cin tuwon gidan nan zuciyarta na Tsanyawa. Ta ji haushin mijinta, ta ji haushin karatun nata, ta rasa wanda za ta gaya wa.

Ba ta zama gaban suruki ta yi dogon bayani, ba a yin haka. Da yamma ta durƙusa daga bakin zaure ta gaishe shi, kanta a ƙasa, Kamaruddeen na karanto sakamakon daga kwamfuta. Ya karanta tiryan-tiryan, har da alfahari, bai tsallake komai ba.

Alhaji ya gyara zama.

"Wato mutane na roƙon a kai musu, babu mai kaiwa," ya ce.

"Haka ne, Baba," in ji Kamaruddeen.

"To mu za mu kai. A ƙulla mudu-mudu. A fara da ƙauyukan Tsanyawa, tunda can aka fi tambaya." Sai ya juyo wajen ƙofa, muryarsa a tausashe. "Raudatu, Allah ya yi miki albarka. Kin riƙe amana. Maganar nan kuma ta tsaya a gidan nan sai motar ta fara fita."

"To, Baba," ta ce. Me kuma za ta ce? Bai yi zalunci ba, kasuwa ce. Da ma ya daka mata tsawa, da ta sami abin riƙewa.

Kamaruddeen ya biyo ta tsakar gida yana cewa ai garin da faɗi, kowa da rabonsa. Ta ce masa haka ne, ta shige madafa, don ta san in ta buɗe baki ba za ta tsaya ba.

Washegari da hantsi tana tsara sanarwar kai kaya gida, wadda za a saki ranar da motar za ta fita, wayarta ta yi ƙara. Zubair ne. Suka gaisa, ya tambayi mutanen gida, ya ba ta labarin hadarin da ya haɗu jiya bai zuba ba. Muryarsa cike da fara'a. Ya ce bana ya yi ƙarfin hali ya cika shagon da iri har rufi, don yadda ake tambaya a waya ya ba shi ƙwarin gwiwa.

"Shi ne na ce bari in nemi 'yar boko," ya ce yana dariya. "Ke da kika san harkar nan, ki ɗan duba min shafin nawa mana. In akwai inda nake da rauni ki gaya min, in gyara tun kafin ruwa ya sauka."

Ta dubi sanarwar da ke gabanta, ga sunayen ƙauyukan a jere, waɗanda ta kwaso daga ƙarƙashin bidiyonsa. Daga zaure tana jin muryar Alhaji yana ce wa direba a duba tayoyi.

"Raudatu? Kina ji na?"

"Ina ji, Yaya."

"To ya kika gani?"

Ta kawar da kai daga sanarwar.

"Shafinka lafiya lau yake, Yaya," ta ce. "Babu abin gyarawa."

"Alhamdulillahi," in ji Zubair. "Tunda ke kika faɗa, hankalina ya kwanta."