Jan Biro a Kan Kalmomin Baba Tamba

Kun gan ta. Kwana uku Hanifa tana zaune a kan benci ƙofar sashen Hausa, rungume da kundin bincikenta, ku kuna wucewa kuna kawar da kai kamar kuna neman wani abu a waya. Ba zan cire kaina ba. Ni ne mai dubawa na biyu, kuma na sa hannu a kan faɗuwarta ban buɗe kundin ba, don babban malaminmu, Malam Dikko, ya riga ya sa nasa.

A rana ta huɗu ta tare ni.

"Malam Ja'afar, don Allah shafi ɗaya kawai za ka duba. In na maimaita shekara, to in san dalili."

Na buɗe. Kundin tarin kalmomin masunta ne, ɗari shida, da ta tattaro daga bakin kakanta a Gulma. Jan biro ya bi ta kan fiye da ɗari biyu. A gefe Malam Dikko ya rubuta: "Maimaici ne. Kumbura ce, ba tsira ba. An cika kundi da iska."

Dokar irin wannan aiki sananniya ce. Idan kalma ta kumbura kawai, wato ita ce dai ta sauya siffa don jam'i ko jinsi, kamar jirgi da jirage, a gida ɗaya ake ajiye su. Idan kuwa sabuwar kalma ce ta tsiro daga wata, kamar manomi daga noma, gidanta daban. Na bi jan layin da yatsa. Ya soke sarkanci, ya tura ta ƙarƙashin Sarkawa. Ya soke makwanta, wai jam'in makwanci ce. Yawancin sauran ban taɓa jin su ba, ni ɗan unguwar Nassarawa da bai san kifi ba sai a cikin miya.

Ranar Asabar muka shiga motar Argungu, daga can babur ya kai mu Gulma. Mun tarar da kakan nata, Baba Tamba, da hantsi a gindin bishiya yana ɗinkin homa, ragar nan ta hannu da ake kamun kifi da ita.

"A'a, amarya ta dawo! Wanga shi na abokin takarata?" Ya ƙare mini kallo. "Hannunai bai taɓa jan ragar taru ba."

"Baba, malaminmu ne," in ji Hanifa tana rufe fuska da mayafi.

Na ciro biro. Kalmar da ba ka sani ba, ba a yanke mata hukunci da ido. Mai ita ake sa wa ya yi magana da ita.

"Baba, mece ce makwanta?"

"Gurbi na cikin gulbi, mai zurhi, inda manyan kihi ka lahewa in ruwa ya ja baya."

"Yaya za ka ce in kifi ya yi yawa a ciki?"

"Makwanta ta cika mana."

Ta cika, ba sun cika ba. Abu guda ne ke nan, ba jam'i ba.

"In sun kai uku fa?"

"Makwantai. Kai, ba a koya muku Hausa can birni?"

Hanifa ta tuntsire da dariya. Kalmar tana da nata jam'in. Tsira ke fara zuwa, sannan kumbura ta hau kanta, kamar yadda noma ke ba da manomi, manomi ya ba da manoma.

Na koma kan sarkanci. Ya ce sana'ar ce da saninta gaba ɗaya, Sarkawa kuwa mutanen ne. Ma'ana ta tashi daga mutum ta koma aiki. Na tambaye shi ko akwai jirganci. Ya ajiye allura ya dubi jikarsa.

"Amarya, malamin naku lahiya yake?"

Abin da nake nema ke nan. Kusan duk abin da ake ƙirgawa yana da jam'i, amma ɗafin tsira, wato guntun da ake liƙa wa kalma kamar -anci, zaɓe yake yi, ya hau wannan ya bar wancan. Sai na gwada ta ɗaya ɓangaren: farin jirgi, farar igiya, fararen jirage. Nan jimla ce ke tilasta sauyin, farin bai zama wani abu daban ba. Wannan ita ce kumbura.

Har azahar muna yi. Kalma arba'in muka gwada cikin waɗanda aka soke. Biyar Malam ya yi daidai, jam'i ne zalla, Hanifa ta karɓi kuskurenta ba musu. Talatin da biyar kalmomi ne masu zaman kansu.

Ranar Litinin na shiga ofishin Malam Dikko ko zama ban yi ba, na shimfiɗa masa takardun.

"Ja'afar, ni na koyar da kai ƙirar kalma," ya ce cikin sanyin murya. "Sarkawa suna ne. Sarkanci suna ne. Ajin kalma bai sauya ba. In aji bai sauya ba, kumbura ce. Shi ke nan awon."

"Allah ya gafarta Malam, yaro suna ne?"

"Suna ne."

"Yarinta fa?"

"Suna ne."

"To yarinta jam'in yaro ce ko macensa?"

Na ce idan aji ya sauya, alama ce mai ƙarfi ta tsira, amma rashin sauyawarsa ba ya tabbatar da komai. Sarki da sarauta ma duka sunaye ne.

Ya jawo aljihun tebur, ya fito da takardar darasinsa wadda ta yi ja don tsufa, ya miƙo mini. Na gane ta. Layin yana nan a shafi na uku, awo guda tak. Na haddace shi a aji biyu, na rubuta shi a jarrabawa, na ci maki mafi yawa. Da na je karo ilimi na koyi sauran gwaje-gwajen, na dawo, ban taɓa waiwayar abin da ake raba wa ɗalibanmu ba.

"Shekara nawa ake ba da wannan, Malam?"

"Goma sha tara." Ya juya ya dubi kantar da ke bayansa, kundaye jere har rufi: na masaƙa, na maƙera, na manoman shinkafar Ambursa. "Duka da wannan awon na duba su. Masu wayo sukan cire kalmomin da kansu kafin su kawo mini." Ya taɓa ɗaya daga cikin kundayen. "Innalillahi. Wasu tsofaffin da aka tambaya sun rasu."

Na shigo da shirin faɗa, sai ga ni tsaye a gaban kantar da rabinta ke ɗauke da sa hannun abokan aikina, shida kuma nawa.

Ya ɗauki kundin Hanifa, ya soke makin da ya ba ta, ya rubuta a sake dubawa, ya sa hannu. Na sa nawa a ƙasa, wannan karon bayan na karanta. Da na fito na gaya mata, ba ta yi murna ba tukuna.

"Malam, Ummu Hani fa? Bara aka kayar da ita a kan kalmomin masu jimar fata. Ta koma gida, ba ta dawo ba."

Ban san Ummu Hani ba. Na duba kundinta: ni ne mai dubawa na biyu.

Kundayen suna nan a ofishin Malam, ya bar mabuɗi a hannun sakatare. Kowannenku yana da sa hannu a ciki. Ranar Laraba ƙarfe goma ku zo, kowa ya ɗauki nasa, ya buɗe, ya gwada kowace kalma da aka soke. Wanda ya san garin su Ummu Hani kuma ya kawo mini sunansa yau.