Bakwai Ne, Ba Tara Ba

Abdulganiyyu bai taɓa neman zama sakataren ƙungiyar manoman rani ta Fakku ba. An ɗora masa ne saboda shi ɗan garin ne da ke aikin akawu a Kebbe, kuma a wurin mutanen Fakku duk wanda ke zama bayan tebur ya san kan kowace takarda. Muƙamin ba albashi, sai kiran waya.

Da tsadar fetur ta ishi masu albasa, sai ƙungiya ta haɗa hannu ta yi odar famfon ban-ruwa huɗu masu aiki da hasken rana daga wani kamfani a Kano, kowane famfo da farantan sola shida. Kamfanin ne ya ɗauki nauyin kawowa har Tambuwal, ƙofar shagon Alhaji Ɗangiwa, shugaban ƙungiyar, wanda kuma yayan mahaifiyar Abdulganiyyu ne.

Ranar Litinin motar ta iso. Direban yana ta sauri, wai yana da sauran kaya na Jega, amma Abdulganiyyu ya ce ba zai sa hannu ba sai an buɗe. Aka yi ta yanka kwali a cikin rana. Farantai bakwai gilashinsu ya tsattsage kamar saƙar gizo, biyu daga cikinsu har ƙarfen gefe ya lanƙwashe. Da aka leƙa motar, sai ga dalili: an kwantar da su an jibga buhunan wani a kai. Ya ɗauki hoton kowane ɗaya gaba da baya, har da lambar da ke manne a bayansa. Ya rubuta a takardar direba cewa bakwai sun iso a fashe, ya sa hannu, direban ma ya sa yana gunaguni.

Washegari aka loda lafiyayyun a wata tsohuwar a-kori-kura zuwa Fakku. Hanyar ba ta da mutunci, igiyar da aka ɗaure su kuma ta saki. Da aka sauke, wasu biyu sun fashe.

Ya yi ta kiran kamfanin. Wani lokaci ba a ɗauka, wani lokaci a ce manaja ya fita. A ƙarshe wata mai suna Mardiya ta ce masa, cikin ladabin wanda ya gaji da maimaita magana ɗaya, “Yallaɓai, ta waya ba abin da zan iya yi maka. Ka duba ƙasan rasit ɗinku, akwai adireshin imel. A rubuce ake kai ƙorafi, kuma cikin mako guda da sauke kaya.”

Ranar Alhamis bayan la'asar ya zauna rubutawa a gidansa na Kebbe, kwamfutar ofis a kan cinya. Rubutun farko da ya yi duk zafi ne. Ya kira su marasa amana, ya ba su labarin irin albasar da ya isa dashe yana jiran ruwa, ya ambaci tsofaffin da suka sayar da tumaki. Matarsa Fiddausi, wadda ke koyarwa a makarantar firamare, ta ajiye masa kunu ta tsaya tana karantawa ta bayansa.

“Baban Ummu, wanga duk gaskiya na,” ta ce. “Amma in ni ce can Kano, na karanta har ƙasa ban gane mi kaka so in yi ba.”

Ya daɗe yana kallon rubutun, sannan ya goge shi duka.

Yana cikin sabon rubutu sai ga sallamar Alhaji Ɗangiwa. Tsohon ya taso tun daga Tambuwal a kan babur, ya zauna a tabarma yana tausa gwiwa. Bayan gaisuwa ya ce a karanto masa abin da za a aika. Da Turanci aka rubuta, don haka Abdulganiyyu ya riƙa juya masa da Hausa, layi bayan layi.

“A sama na sa: Ƙorafi kan farantan sola bakwai da suka iso a fashe, da lambar rasit ɗinmu. Sai na ce: Ranka ya daɗe, ranar Litinin motar da kamfaninku ya turo ta sauke mana famfo huɗu da farantai ashirin da huɗu a Tambuwal. Mun buɗe a gaban direbanku, muka tarar bakwai gilashinsu ya fashe, biyu daga ciki ƙarfen gefensu ya lanƙwashe. An rubuta haka a takardar sauke kaya, ni da direban mun sa hannu. Ga hoton takardar, ga hotunan farantan, ga lambar kowane ɗaya. Bisa rasit ɗinku, kawo kaya har Tambuwal nauyinku ne. Muna buƙatar ku musanya mana bakwai ɗin da sababbi irinsu, a kan kuɗin motarku, cikin mako biyu daga yau. In hakan ba zai yiwu ba, ku mayar mana da kuɗinsu cikin wannan wa'adin. Fasassun suna ajiye a shagon da aka sauke su, ba a taɓa su ba, kuna iya turowa a ɗauka. Ina jiran amsarku a rubuce.”

Alhaji ya ja carbinsa. “Ya yi. Sai dai ka gyara wuri guda. Tara za ka sa.”

“Kawu, bakwai na anka rubuta ga takardar direba.”

“Ka ce daga baya munka gani. Wa ash shaida? Kamfani na, ɗana, farantai biyu ba su kashe shi. Mu kuwa ka san yadda anka tara kuɗin ga.”

“Na sani, Kawu. Amma biyun ga mu munka fasa su. Suna ganin tara, su duba takarda su ga bakwai, shi ke nan sun samu abin riƙo. Sai a bar zancen kayanmu a koma zancen ƙaryarmu.”

“Wato kai kaɗai ka tsoron Allah cikin Fakku.”

Maganar ta soke shi, don tsohon nan ne ya biya masa kuɗin makaranta bayan rasuwar mahaifinsa. Ya sunkuyar da kai. Bai da ƙarfin gardama, bai kuma da niyyar canza lambar. Ya ce a hankali, “Ka yi haƙuri, Kawu. Sunana na ƙasan takardar.”

Alhaji ya tashi bai sha kunun ba. Abdulganiyyu ya raka shi har bakin babur, tsohon bai waiwayo ba. Da ya dawo ya haɗa wayarsa da kwamfutar, sabis yana zuwa yana ɗaukewa, hotunan suka yi ta rarrafe kamar ba za su hau ba. Ana kiran magariba saƙon ya tafi.

Amsa ba ta zo a rubuce ba. Ranar Asabar sai ga kira daga wani Mansur, manajan sayarwa, da muryarsa mai daɗi da Hausarsa ta Kano.

“Malam Abdulganiyyu, ai mun zama ɗaya. Ka san hanyar nan, direbobin nan ba sa ji. Kuma ai farantin da ya tsage yana ba da wuta, a shafa masa gam kawai. Bari mu yi muku ragi a oda ta gaba, a rufe maganar.”

Abdulganiyyu ya riga ya tambayi Usama, mai haɗa sola a Dogon Daji, wanda ya ce masa fasasshen faranti zai ba da wuta yau, amma da raɓa da ruwa sun shiga tsagar, ƙarfinsa zai yi ta raguwa har ya mutu. Bai tsaya yi wa Mansur wannan bayanin ba. Ya ce ya ji, ya gode, zai amsa ta imel. Da yamma ya rubuta layi huɗu: cewa sun yi waya yau, an yi masa tayin ragi a oda ta gaba, ƙungiya ba ta karɓa ba, buƙatarsu tana nan yadda take, musanya ko mayar da kuɗi, wa'adin ma yana nan.

Kwanakin da suka biyo baya sun fi komai nauyi. Da farantai goma sha biyar da suka rage, famfo biyu kawai Usama ya iya tayarwa. Sauran manoman suka koma sayen fetur a galan. Duk inda Abdulganiyyu ya bi a Fakku sai an tare shi. Wani ya ce da shi ne da tuni ya hau mota ya tafi Kano ya yi musu rashin mutunci. Wani ya tambaye shi, da dariyar da ba dariya ba, ko kamfanin ya ɗan ba shi na goro ne. Labarin biyun da ya ƙi sakawa ya riga ya zaga gari. Mahaifiyarsa ma ta kira shi ɗaki ta ce, ko me ke nan, ya je ya ba yayanta haƙuri. Ya je. Alhaji ya amsa gaisuwar da baki, idonsa na kan rediyo.

Ana saura kwana ɗaya wa'adin ya cika, imel ya shigo daga Mardiya. Sun duba kwafin takardar direba da lambobin da ya turo, sun amince. Za su turo bakwai sababbi a mako mai zuwa, motar kuma za ta kwashe fasassun. Babu kalmar ban haƙuri a ciki. Ya karanta sau biyu a ofis, ya jingina da kujera ya rufe ido. Ya ɗauka zai ji daɗi, sai ya ji kawai kafaɗunsa na ciwo.

Motar ba ta zo a makon da suka ce ba, sai na bayansa. Wannan karon a tsaye aka jera farantan cikin akwatin katako. Ya sake buɗe kowane ɗaya a ƙofar shagon kawunsa, duk lafiya, ya sa hannu. Alhaji da kansa ya kawo tsofaffin katifu biyu aka shimfiɗa a bayan a-kori-kurar, ya tsaya a kan mai ɗauri har sai da aka ƙara igiya.

Famfo na uku ya tashi. Na huɗu yana nan cikin kwalinsa, farantansa huɗu jingine da bango, yana jiran biyun da ƙungiya za ta saya da kanta in an cire albasa. Da aka yi ƙuri'ar waɗanda za su jira, sai ta faɗa kan ɓangaren fadamar da gonar Alhaji take.

A gaban tsohon aka faɗi sakamakon. Sai da taro ya watse, Abdulganiyyu na tura babur ɗinsa, sannan Alhaji ya kira shi.

“Ganiyyu.”

“Na'am, Kawu.”

“In ka koma Kebbe, ka tambayo muna farashin biyun ga. Ka ce su aiko a rubuce.”

“To, Kawu.”

Ya buga babur ɗin, bai tashi ba sai a bugu na uku. Ya kama hanyar Kebbe a hankali, yana kauce wa ramuka.