An Cire Sau Biyu, Bai Je Ko Sau Ɗaya Ba

Sau ɗaya na danna, Allah ne shaidata. Ina tsaye bayan kanta, dila yana jira a tura masa kuɗin kaya kafin motarsa ta fito. Wayar ta yi ta juyi, sannan ta ce kuɗin bai tafi ba. Ban gama tsaki ba alat ya shigo, an cire. Kafin in ajiye wayar wani ya sake shigowa, an kuma cire daidai da na farko. Na duba abin da ya rage a asusun, ko katan ɗin sabulu ba zai saya ba.

Na kira dila. Ya ce, "Matar abokina, ni ban ga komai ba. Kin san ƙa'idar wurin nan, sai kuɗi ya shigo ake loda kaya. Ni ma yaron wani ne."

Shagon ba wani babba ba ne: shinkafa, sukari, madara, man girki, sabulu, sai firji a lungu. Maigidana ne ya kafa shi, da ya rasu na ci gaba da buɗewa, da shi nake ciyar da yara uku. Wayarsa ce a hannuna, asusunsa nake amfani da shi, lambar sirrin ma shi ya koya mini tun yana kwance a asibiti. Ban taɓa ganin laifin hakan ba. Mutum ya bar maka shago da makulli, wayar ma ai makulli ce.

Aka ce in yi haƙuri, irin wannan yana dawowa da kansa. Na yi haƙuri har kantoci suka fara nuna katako. Mai neman madara ya zo ya juya, mai neman sukari ya zo ya juya, kuma wanda ya juya sau biyu ba ya dawowa na uku. Na kira lambar bankin, suka yi ta sa mini kiɗa har kuɗin wayata ya ƙare. Daga baya wata murya ta ce in kai koke a rubuce, da shaidar cewa wanda aka tura wa bai samu ba.

Dila ya yi mini kirki, ya ciro takardar asusunsa ta ranar. Ni kuma na yago takarda daga littafin babbar 'yata, na zauna a kan buhun shinkafar da ya rage na rubuta:

"Zuwa ga Manaja. Ina kawo kuka a kan kuɗin da na tura wa dilana, bai je ba, amma an cire sau biyu. Ga lambar asusu, ga rana da lokaci, ga lambar shaidar kowane cirewa, ga takardar dila. Ku taimaka ku dawo mini da kuɗina. Mijina mai asusun nan ya rasu bara, ya bar ni da marayu, shagon nan kaɗai muke da shi."

Layin ƙarshen nan har na yi kuka da nake rubuta shi. Na ce ko dutse ne a ƙirjin manaja, in ya karanta zai yi laushi.

A banki na bi layi tun hantsi har ƙafafuna suka yi nauyi. Da na isa teburin koke, wata yarinya ce mai tabarau, ba za ta girmi ƙanwata ba. Ta karanta, ta kai ƙarshe, ta ɗago ta dube ni. Ta waiga wajen ofishin da ke bayanta, sannan ta turo mini takardar a hankali.

"Mama, ki koma gida da wannan tukuna. Sau da yawa kuɗin yana dawowa ko ba wasiƙa."

Ni fa ina da zuciya, marigayi ma ya sha faɗa mini. Na ce, "Haka aka ce mini tun farko. Kin ga na yi kama da wadda ta zo yawon shan iska?"

Ta rage murya. "Mama, don Allah ki saurare ni. In na karɓi takardar nan yadda take..."

"Karɓa za ki yi. Ki buga mata hatimi ki ba ni kwafi. An gaya mini haka kuke yi, ku sallami mutum da baki don kada a samu shaida."

Mutanen layi suka goya mini baya. Wani dattijo ya ce, "Ki karɓa mana, 'yar nan, baiwar Allah ta sha wahala." Hayaniyar ta fito da ogansu daga ofis. Ya ɗauki takardar ya karanta a tsaye, ya yi mini ta'aziyya cikin ladabi, ya ce a buga hatimi. Yarinyar ta buga, ba ta ƙara kallona ba. Na fito ina jin na yi nasara, har na sayo wa yara alewa a hanya.

Washegari mai kawo burodi ya zo, na ce bari in tura masa ɗan abin da ya rage. Wayar ta ƙi. Na koma banki, ogan ya zaunar da ni ya yi mini bayani dalla-dalla. Tunda banki ya samu labarin rasuwar mai asusu a rubuce, dole ne a tsayar da fitar kuɗi. Kuɗi zai iya shiga, amma ba zai fita ba sai an kawo takardar shaidar rasuwa da takardar kotu mai nuna wanda aka ɗora wa kula da dukiyar mamaci. Koken kuwa yana nan, suna bin sa.

Na ce, "Kuɗin ai nawa ne. Ni na tsaya na sayar da kayan, shi yana kabari."

Ya ce, "Na yarda, Mama. Amma sunansa ne a kai."

Takardar kotu ba ta fitowa sai an kira duk masu gado. Wannan kuwa yana nufin Yaya, wan maigidana, wanda tun bayan rasuwar yake cewa a yi wa shago kuɗi a raba, kowa ya san nasa. Kunya ce kawai ta hana shi matsa mini, yana ganin marayu na ci daga ciki. Da na je masa da maganar, bai yi faɗa ba, bai yi murna a fili ba. Ya ce, "To, tunda abin ya kai kotu, sai a yi komai gaba ɗaya a huta. Shago babu kaya ai haya kawai yake ci."

Ban iya ce masa ƙarya yake ba. Dila ya riga ya cire ni daga zagayen motarsa. Firjin na kashe shi, don babu abin da zan sanyaya. Sai in buɗe shago da safe in zauna ina korar ƙuda, maƙwabcina tela yana leƙowa yana cewa ko hutu na ɗauka, in yi dariyar da ba ta wuce leɓe ba. Na gaji, gajiyar da barci ba ya maganinta.

Ranar da Yaya ya zo da wani mai son sayen shagon, suna auna kantoci da taku suna ƙwanƙwasa firji, wayar ta yi ƙara a jakata. Alat ne guda biyu, ɗaya na bin ɗaya, kamar yadda suka fita. An dawo da kuɗin duka, ko ƙwandala ba ta yi ciwon kai ba. Sai saƙo na uku, da sunan maigidana a sama, suna ba shi haƙuri a kan jinkirin da aka samu, suna gode masa da ya ci gaba da hulɗa da su.

Yaya ya ce, "Lafiya dai?"

Na ce, "Kuɗin ne ya dawo."

Ya ce, "Alhamdulillahi, sai a haɗa shi cikin lissafin rabo." Sannan ya miƙo hannu, na ɗauka wayar yake son gani, ashe makullin shago yake nufi.