Hannun Kawu a Labaran Ƙarfe Bakwai

Da ƙarfe goma na safe Edita ya jefo wata jarida kan teburin Auta, ya ce yana son labarin shafi na uku ya zama rahoton minti ɗaya da rabi kafin labaran ƙarfe bakwai. Wata tara tana gidan talabijin ɗin nan, ba a taɓa buɗe labarai da muryarta ba. Ya ce in ta samo mutumin da ya ba jaridar labarin, yau za a buɗe.

Labarin wata masana'antar lemon kwalba ne da ke goge kwanan watan lalacewa ta buga sabo. Jaridar ta ce wani ma'aikaci ne ya faɗa, bai yarda a ambaci sunansa ba. A takarda wannan ya isa, amma talabijin sai da abin kallo. Auta kuwa tun sakin layi na biyu ta gane ko waye, don mutum ɗaya ta sani a duniya da ke cewa "ni dai na gani da idona biyu." Kawunta ne, wanda ya riƙe ta tun rasuwar babanta. Saura masa wata takwas ya yi ritaya.

Ta same shi a bayan masana'antar lokacin hutun rana. Da fari ya ƙi. Ta yi ta magiya, ta rantse za a dusashe fuskarsa a kuma sauya muryarsa. Ya dube ta, ya ce, "To, 'yar nan, tunda aikinki ne."

Aka ɗauki maganarsa a kyamara. Da ta koma ofis ta zauna ta yi wa labarin fiɗa. Kalma dubu da ɗari biyu, ita kuwa kalma uku take karantawa a daƙiƙa. Ta zubar da tarihin masana'antar, ta bar martanin manaja a jimla ɗaya. Ta ware wa mai gabatarwa daƙiƙa goma sha biyar, ta kiyaye kada muryarta ta maimaita abin da zai faɗa. Ta shiga ɗakin ɗaukar murya ta karanta sau biyu. Wallahi aikin ya yi kyau, ita ma ta sani.

A ɗakin tace hoto aka samu matsala. Maganar Kawu ta yi tsawo, sai aka yanke tsakiyarta aka haɗa farko da ƙarshe, kansa ya riƙa yin tsalle a wurin haɗin. Mai tacewa ya yi abin da yake yi kullum, ya rufe wurin da hoton hannuwa, daƙiƙa uku. Hannun hagu na Kawu yatsu uku ne, injin rufe kwalba ya cinye biyu tun tana firamare. Duk masana'antar babu wanda bai san hannun nan ba.

Ta ce a cire. Ya ce a sa me? Hoton ƙofar masana'anta ɗaya ne, an riga an yi amfani da shi sau biyu. Edita ya leƙo, ya kalla, ya ce hannun ma shi ne rahoton, in an cire shi sai labarin ya koma na biyar, wataƙila ma a ajiye shi. Bakwai saura kwata. Babu wanda ya tilasta mata. Ta dubi agogo, ta ce, "Daƙiƙa uku ne kawai. A bar shi."

Da labarinta aka buɗe. Mai gabatarwa ya gyara wuyan riga ya karanto, ya kira sunanta, muryarta ta cika ɗakin. Aka tafa mata, ta ji daɗi ƙwarai, ba ta ma ɓoye ba.

Washegari mai gadi ya tsayar da Kawu a ƙofar masana'anta, ya karɓe katinsa na aiki. Inna, matarsa, ita ta kira Auta ta gaya mata, ko zagi ba ta yi ba, ta kashe wayar.

Edita da ya ji, har da buga tebur don murna. Ya ce ga ci gaban labari ya zo har gida: an kori wanda ya tona asiri. Yanzu ba sai an dusashe fuska ba, tunda ba abin da ya rage a ɓoye. Minti biyu ya ba ta.

Ta kuwa je, ita da mai ɗaukar hoto. Kawu na zaune a tsakar gida cikin rigar aikinsa, bai tambaye ta komai ba, ya ce ta zauna, ya sa a kawo wa baƙi ruwa. Da ya ga kyamara sai ya cusa hannuwansa biyu a hammata. Mai ɗaukar hoto ya saita, ya leƙa, ya matso kusa da kunnenta.

"Ki ce masa ya fito da hannun," ya ce. "Za mu buƙace shi wurin haɗi."