Sikelin Baba Tagwai

Shekara ashirin da biyu Baba Tagwai ya yi yana zaune a ɗakin sikeli na masaƙar Kakuri, yana auna motocin da ke fita da yadi. Aikin ke nan da ya iya, kuma ya iya shi ƙwarai. In mota talatin ta fita a rana, ya san albashi zai zo a kan kari. In ta koma shida, sai ya ce wa matarsa ta rage cefane. Masaƙar ta daɗe da mutuwa, ciyawa ta cinye sikelin, amma Tagwai bai daina yarda da ƙirga ba. A ganinsa baki ne ke ƙarya, adadi ba ya yi.

Yanzu abu ɗaya ne a gabansa, gidan da yake ginawa a Kudenda. Ɗaki huɗu da falo, an kai linta, kafinta ya ɗora katako tun farkon Maris. Kwano kawai ya rage. Kuɗin kwanon ɗansa Ben ne ya tara daga aikin walda a Fatakwal ya aiko. Sai dai kafin kuɗin su iso kwano ya tashi, abin da ke hannu ba zai rufe falon ba. Ga Afrilu ta kama, kullum da la'asar gabas sai ta yi baƙi. Katakon da ruwa ya jiƙa rana ta busar, ya sake jiƙa, murɗewa yake yi, daga nan sai murhu.

Tagwai yana da ɗan asusun hannun jari tun zamanin masaƙa, a hannun wata dillaliya, Vivian. Ranar Laraba da yamma ya ga wani abu a wayarsa. Wani ƙaramin kamfanin inshora na Legas, wanda da ƙyar ake cinikin hannun jarinsa dubu ɗari uku a rana, ya tashi kwana biyu a jere, kullum kashi goma cikin ɗari, iyakar abin da dokar kasuwa ta yarda farashi ya motsa a yini ɗaya. A ranar kuwa hannun jari miliyan sittin suka canja hannu. Wannan adadi shi 'yan kasuwar ke kira bolum.

Washegari da safe ya nufi Makera, shagon Malam Zakariyya'u mai sayar da yadi. Tare suka yi aiki a masaƙa, shi a ɓangaren rini, kuma ya girmi Tagwai a harkar hannun jari.

“Mai sikeli! Yau kuma me aka auno mana?” in ji Malam Zakariyya'u, yana janyo masa benci.

“Malam, bar wasa. Duba nan.” Ya miƙa masa wayar. “Ba kai ka koya mini ba? Ka ce tashin da babu bolum tashin banza ne. To ga tashi, ga bolum. Manya sun shigo.”

Malam Zakariyya'u ya ɗora tabarau, ya daɗe yana kallo.

“Na faɗa, ban janye ba. In farashi na hawa, kwana da kwanaki, mutane ɗaruruwa na saye suna sayarwa, to ka san jama'a da yawa sun yarda da farashin, kuma in ka so fita akwai ƙofa. Amma kai ka karanta layi ɗaya ka bar na kusa da shi. Karanta mini wannan, in tsufa bai cinye maka ido ba.”

“Ciniki goma sha huɗu.”

“Miliyan sittin a ciniki goma sha huɗu. Ni nan, Tagwai, kafin azahar nakan yi ciniki goma sha huɗu, kuma rabinsu yadin ɗankwali ne. Ina jama'ar?”

“Ai shi ya sa na ce manya ne. Babba ba ya saye da mudu.”

“To wa ya sayar masa?”

Tagwai ya sake leƙa wayar, Malam Zakariyya'u ya ci gaba.

“Duk hannun jarin da aka saya, wani ne ya sayar. Miliyan sittin aka saya, miliyan sittin aka sayar. Kai ka ga babban da ya shiga, ni na ga babban da ya fita. Lambar nan ba ta gaya mana wanda ya fi wayo a cikinsu ba. Ba ta ma gaya mana ko mutum ɗaya ne ya ciro daga aljihun dama ya zuba a na hagu ba.”

“Kai dai ɗan rini ne, komai sai ka shafa masa baƙi.”

“Ni ɗan rini ne. Amma ka tuna watan da mutanen banki suka zo masaƙa?”

Tagwai ya tuna, kuma ba ya son tunawa. Sati guda motoci suka yi ta fita, arba'in a rana, shi da hannunsa ya auna su ya rubuta. Ya je gida ya ce wa matarsa Eunice wahala ta ƙare. Daga baya aka ji cewa yadin ɗaya ne, a fita da shi ta ƙofar gaba, a zagaya a shigo da shi ta ƙofar baya, don a burge mutanen banki. Sikeli bai yi ƙarya ba, kowace mota da nauyinta. Wata bakwai bayan haka aka sa kwaɗo a ƙofa.

“Wannan daban,” ya ce, ya karɓi wayarsa.

Mutum in ya riga ya yanke abin da zai yi, shawarar da yake nema ba shawara ba ce, shaida yake nema. Tagwai bai samu ba, sai ya tafi ba ita.

Daga bakin titi ya kira Vivian, ya ce ta saya masa hannun jarin inshorar da kuɗin kwanon.

“Baba, duka?” ta ce. “Ka bari in faɗa maka, miliyan hamsin da takwas na jiya ciniki ɗaya ne, an shirya shi tsakanin mutum biyu kafin a kawo kasuwa. Ban san su ba, ban san dalilinsu ba.”

“'Yata, sati ɗaya kawai. In ya ƙara hawa biyu na fita, na rufe falona.”

“Kuɗinka ne, Baba.”

Bai kai bakin kasuwar Kakuri ba saƙo ya shigo. An saya masa hannun jari miliyan ɗaya da rabi, kowanne a kan naira ɗaya da kwabo hamsin da tara. Ya ji daɗin saurin abin. Bai tambayi kansa wane ne ke zaune da kaya haka a shirye, yana jiran mai saye ba.

Juma'a farashi ya sake hawa. Ranar Lahadi a coci Tagwai ya yi waƙa da murya har na gabansa suka waiwayo.

Litinin ya faɗi kashi goma. Talata ya ƙara faɗuwa kashi goma. Tagwai ya duba bolum, ya ga dubu ɗari da ɗan wani abu kowace rana, sai hankalinsa ya kwanta. Ya koma Makera da ƙafarsa don ya nuna.

“Ka gani? Ya hau da miliyan sittin, yana sauka da dubu ɗari. Saukar ba ta da ƙarfi. Babu mai sayarwa.”

Malam Zakariyya'u bai yi masa ba'a ba wannan karon, abin da ya fi ba'ar tayar da hankali.

“Tagwai, bolum cinikin da aka yi yake ƙirgawa. Wanda aka so yi aka rasa abokin yi ba ya cikin ƙirga. Ranar da na wuni a shagon nan ban sayar da ƙyalle ba, don ba na son sayarwa ne? Kira yarinyar nan, ka tambaye ta layi biyu, na masu son saye da na masu son sayarwa.”

Ya kira, ya buɗe muryar wayar don Malam ya ji.

“Masu son sayarwa, miliyan goma sha tara, duk a farashin ƙasa na yau,” in ji Vivian.

“Masu saye fa?”

“Babu, Baba.”

“Kamar yaya babu?”

“Layin fayau yake. Da safe wani ya ɗauki dubu ɗari da ashirin, shi ke nan.”

“To sayar da nawa. Yanzu.”

“Zan saka. Amma wanda ya riga shiga layi shi ake fara sallama. Kana bayan miliyan goma sha tara.”

Malam Zakariyya'u ya shiga naɗe wani yadi da yake a naɗe. A waje iska ta ɗebo ledoji ta watsa a kan titi, masu tumatir suka fara jan tamfol. Ba a yi ruwa ba ranar.

Laraba, Alhamis, Juma'a, kullum Vivian ta saka, kullum farashi ya sauka goma, kullum ba a kai kansa ba. Kafinta ya kira sau biyu, ya ce akwai wani aiki da ke jiransa a Unguwar Sanusi, in kwano bai zo ba zai tafi. Eunice ba ta tambaya ba sai ranar Asabar, tana tsince shinkafa a ƙofar ɗakin hayarsu.

“Baban Ben, yaushe za a kawo kwanon?”

“Ana kan magana.”

“Da wa?”

Ta ɗaga kai ta dube shi, ta dubi gabas.

“Yaron nan wuta ta ci masa ido kafin ya tara kuɗin nan,” ta ce. “In ya kira gobe, kai za ka ɗauka.”

Ranar Talata ta sati na gaba aka sami mai saye. Wani, ba a san ko wane ne ba, ya share layin gaba ɗaya a kan kwabo tamanin da shida. Na Tagwai ya tafi a ciki. Abin da zai dawo hannunsa ya ɗan haura rabi, kuma Vivian ta ce sai an jira kwanakin da kasuwa ke ɗauka kafin kuɗi su fito.

Da la'asar ya hau keke Napep zuwa Kudenda. Wanda ke zaune kusa da shi, wani magidanci mai rigar ma'aikatan kamfanin fulawa, yana ta shafa waya, ya kasa riƙe abin a cikinsa.

“Baba, ka san harkar hannun jari? Duba inshorar nan. Miliyan ashirin da shida yau! Manya sun shigo.”

Tagwai ya dubi lambar. Miliyan ɗaya da rabi a cikinta nasa ne.

“Wa ya sayar musu?” ya ce.

Mutumin ya yi dariya, ya ci gaba da shafa wayarsa.

A filin ginin babu kowa, kafinta ya kwashe tsaninsa. Tagwai ya shiga ya tsaya a tsakiyar falo, ya ɗaga kai. Katako ne jere a kan sama mai baƙi. Ya fara ƙirga ɗakunan da kuɗin za su iya rufewa, ya tsaya a biyu. Wayarsa ta yi ƙara a aljihu, ya ciro, sunan Ben ne. Yana kallonsa ɗigon farko ya faɗo a kan gilashin wayar, sannan ya ji sauran suna sauka a kan katakon.